Sharhi: Bambancin Cirewa, Sassauci da Kiredit a Lissafin Harajin Kuɗin Shiga

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2026, lokacin da sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya ta fara aiki, maganar haraji ta zama abin tattaunawa a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da kasuwanni, da majalisun hira na ƙauyuka. Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ne ya sa wa dokar hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, tare da wasu dokoki uku da suka shafi gudanar da haraji. Daga cikin maganganun da suka fi yawo a bakin jama'a akwai cewa gwamnati za ta mayar wa duk mai zaman haya kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa. Wasu ma'aikata har sun fara lissafin abin da za su yi da kuɗin.

Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tushen kuskuren shi ne haɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba. A takardun haraji da shafukan hukumomi ana rubuta su da Turanci kamar haka: `Deduction`, da `Relief`, da `Tax Credit`. A wannan sharhi za mu kira na farko cirewa, na biyu sassauci, na uku kuma kiredit. Dukansu suna rage abin da mutum zai biya, amma ba a wuri ɗaya suke shiga lissafi ba, saboda haka darajarsu ba ɗaya ba ce. Naira ɗari ta cirewa ba ta kai naira ɗari ta kiredit ba, ko kusa.

Matakan lissafin haraji

Dattawanmu sun san harajin da, wanda ake yanka wa kowane baligi, da jangalin da ake karɓa bisa ƙidayar shanu, kafin gwamnatocin Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna su soke su a jihohinsu bayan hawansu mulki a 1979. A wancan tsari lissafin gajere ne: kai nawa, kuɗi nawa. Harajin kuɗin shiga na yau kuwa hawa-hawa yake, kuma sai mutum ya san hawan kafin ya gane bambancin da muke magana a kai.

Da farko ana tara duk abin da mutum ya samu a shekara. Na biyu, ana fitar da abubuwan da doka ta yarda a fitar, abin da ya saura shi ne kuɗin da haraji zai hau kansa. Na uku, ana ɗora kason haraji a kan wannan saura, sai a sami harajin da ke kan mutum. Na huɗu, ana duba abin da ya riga ya biya ko aka riƙe masa, a zare shi daga harajin, abin da ya rage shi ne zai fito daga aljihunsa.

Cirewa da sassauci suna shiga ne a mataki na biyu, wato kafin a lissafa haraji. Kiredit kuwa yana shiga a mataki na huɗu, bayan an gama lissafa haraji. Wannan shi ne jigon al'amarin baki ɗaya.

Misali da ƙananan lambobi

Mu ƙaddara mutum ya sami Naira 1,000, kuma harajin da ake karɓa kashi 20 ne cikin 100. Wannan misali ne kawai don sauƙin fahimta. Idan ba a rage masa komai ba, harajinsa Naira 200 ne.

Idan aka ba shi cirewa ta Naira 100, za a zare ta daga Naira 1,000 ɗin, ya rage Naira 900. Kashi 20 cikin 100 na Naira 900 shi ne Naira 180. Ke nan abin da ya tsira da shi Naira 20 ce kacal.

Idan sassauci na Naira 100 aka ba shi, lissafin bai canza ba. Za a zare daga Naira 1,000, a sami Naira 900, harajin ya zama Naira 180, ya tsira da Naira 20.

Amma idan kiredit na Naira 100 yake da shi, ba a taɓa Naira 1,000 ɗin ba. Ana lissafa harajin ya cika Naira 200, sannan a zare Naira 100 daga cikinsa, ya biya Naira 100. A nan ya tsira da Naira 100 cif.

Mai karatu zai lura cewa lambar da aka ambata a duka ukun ɗaya ce, Naira 100, amma kiredit ya ninka sauran biyun sau biyar. Dalili kuwa shi ne, cirewa da sassauci ba su da daraja sai gwargwadon kason harajin da mutum yake biya, alhali kiredit yana tafiya da darajarsa sukutum.

To, mene ne ya raba cirewa da sassauci?

Tunda lissafinsu iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne dalilin bayar da su.

Cirewa kuɗi ne da suka fita daga hannun mutum da gaske, ko dai wajen neman abin da ya samu, ko kuma zuwa wani asusu da doka ta amince da shi. Ɗan kasuwar da ya sayi buhun masara Naira 40,000 ya sayar Naira 45,000 bai sami Naira 45,000 ba, Naira 5,000 ya samu, kuma ko a cikinta akwai kuɗin mota da na dako. Fitar da waɗannan kuɗaɗe ba alfarma ba ce aka yi masa, gano ainihin ribarsa ne. Ga ma'aikaci kuma, doka ta yarda a cire gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mutum yake zaune a ciki. A cirewa, abin da aka kashe shi ake fitarwa, kuma sai da shaida.

Sassauci kuwa rangwame ne da gwamnati ta ga dama ta yi saboda halin da mutum yake ciki. Ba ya bin abin da aka kashe kobo-kobo, doka ce take yanka masa ƙa'ida da iyaka, kuma majalisa tana iya sauya shi ko ta soke shi. Tarihinsa a ƙasar nan ya nuna haka. Kafin 2011, ana ba magidanci sassaucin Naira 2,500 a kan kowane ɗa har zuwa 'ya'ya huɗu, ko da kuwa abin da yake kashe musu ya ninka haka sau ɗari. A gyaran dokar da aka yi a 2011 aka shigo da dunƙulallen sassauci, wato Naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, a haɗa da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigar. Kowa yana samun wannan ba tare da ya nuna wata takarda ba. Dokar 2025 ta soke shi, ta kawo sassaucin kuɗin haya a madadinsa: kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000.

Ya kamata a lura cewa suna kaɗai ba ya isa hujja. Ita kanta sabuwar dokar ta jera sassaucin haya a cikin jerin abubuwan da ake cirewa. Haka nan rangwamen da ake yi wa wanda ya riga ya biya haraji a wata ƙasa a kan kuɗin da ya samo a can, sunansa sassauci, amma daga harajin ake zare shi, wato aikin kiredit yake yi. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa mutum ya yi wa jami'in haraji ita ce: daga kuɗin shigata za a zare wannan, ko daga harajina?

Lissafin ma'aikacin ƙaramar hukuma

Yanzu sai mu koma kan ainihin lambobin da ke cikin doka. A sabon tsari, Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba su da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye musu ana karɓar kashi 15 cikin 100, sannan Naira miliyan 9 da ke gaba kashi 18, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. Galibin ma'aikatan ƙananan hukumomi da ƙananan 'yan kasuwa ba sa wuce hawa biyun farko.

Mu ɗauki ma'aikaci mai albashin Naira 150,000 a wata, wato Naira 1,800,000 a shekara. Yana zaman haya a hedkwatar ƙaramar hukuma, yana biyan Naira 200,000 a shekara. Don sauƙin lissafi mu ƙaddara ana cire masa fansho kashi 8 cikin 100 na dukkan albashin, kamar yadda dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta sa kashi 8 a matsayin mafi ƙarancin kason ma'aikaci. Kowa sai ya duba takardar albashinsa, domin jihohi suna da nasu dokokin fansho.

Da ba a rage masa komai ba, za a fitar da Naira 800,000 na farko, a ɗora kashi 15 a kan Naira 1,000,000 da suka saura, harajinsa ya zama Naira 150,000.

Fanshonsa na shekara Naira 144,000 ne. Wannan cirewa ce. Idan aka zare ta daga albashin, saura Naira 1,656,000. Sassaucin hayarsa kuma kashi 20 cikin 100 ne na Naira 200,000, wato Naira 40,000. Idan aka zare shi, saura Naira 1,616,000. A fitar da Naira 800,000 marasa haraji, saura Naira 816,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 122,400 a shekara, ko Naira 10,200 a wata.

A nan ne amsar jita-jitar da muka fara da ita take. Hayar Naira 200,000 ta haifar da sassaucin Naira 40,000, shi kuma sassaucin ya rage haraji da Naira 6,000 kacal a shekara, wato Naira 500 a wata. Babu wanda zai miƙa wa ma'aikacin nan Naira 40,000 a hannu. Haka ita ma cirewar fansho ta Naira 144,000, abin da ta rage masa a haraji Naira 21,600 ne.

Idan aka auna da tsohon tsari, wannan ma'aikaci ya sami ɗan sauƙi. A lissafin da aka yi amfani da shi har ƙarshen 2025, dunƙulallen sassaucinsa zai kai Naira 531,200, amma haraji yana farawa ne tun daga nairar farko ta abin da ya saura, da kashi 7 cikin 100, yana hawa. Harajinsa a wancan tsari zai kama Naira 133,712. Ke nan duk da an soke masa sassaucin da ya haura rabin miliyan, harajinsa ya ragu da sama da Naira 11,000. Wannan ma darasi ne: girman sassauci shi kaɗai ba ya nuna ko mutum ya ci riba, sai an kai lissafi ƙarshe.

Wanda sassauci ba ya amfana

Akwai rukuni biyu na jama'armu da sassaucin haya ba zai ƙara musu komai ba, kuma ya dace a gaya musu gaskiya tun da wuri.

Na farko shi ne wanda yake zaune a gidansa ko gidan gado, kamar yadda akasarin mutanen karkara suke. Abokin aikin ma'aikacin da muka ambata, mai albashi iri ɗaya amma yana zaune a gidan mahaifinsa, ba shi da sassaucin haya. Harajinsa Naira 128,400 ne, wato Naira 10,700 a wata. A tsohon tsari su biyun daidai suke biya, yanzu kuwa akwai tazarar Naira 500 a wata a tsakaninsu, kuma ba kuskuren ma'aji ba ne.

Na biyu shi ne mai ƙaramin albashi. Wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, doka ta keɓe shi daga harajin albashi. Ko a lissafi ma haka abin yake, domin Naira 840,000 da yake samu a shekara, idan aka cire fansho Naira 67,200, sun koma Naira 772,800, ƙasa da Naira 800,000. Ko da zai kawo rasit ɗin haya, babu harajin da za a rage masa. Ba a tatsar nono daga busasshiyar saniya.

A ɗaya ɓangaren kuma, darektan da albashinsa ya shiga hawan kashi 18, sassaucin Naira 40,000 ɗin nan zai rage masa Naira 7,200. Ke nan sassauci ɗaya ya ba mai ƙaramin albashi sifiri, ya ba matsakaici Naira 6,000, ya ba babba Naira 7,200. Haka ɗabi'ar cirewa da sassauci take a duk tsarin da haraji yake hawa-hawa: sun fi amfanar wanda ya fi samu. Abin da ya kare talaka a sabuwar doka ba sassauci ba ne, hawan farko ne na Naira 800,000 da ba shi da haraji. Iyakar Naira 500,000 da aka sa wa sassaucin haya kuwa tana taka wa manya birki ne, domin sai hayar mutum ta kai Naira miliyan 2.5 a shekara kafin ya iso ta.

Kiredit: lissafin ƙaramin ɗan kwangila

Kalmar kiredit ba baƙuwa ba ce ga duk mai wayar hannu: kuɗi ne da ka riga ka zuba, ana ci daga ciki. Kiredit ɗin da talaka ya fi haɗuwa da shi a harkar haraji ma haka yake. Shi ne harajin da ake riƙewa tun daga tushe, wanda ake rubutawa `WHT` a takardun biyan kuɗi. Ba wani haraji ne na daban ba, kafin alƙalami ne na harajin mutum na shekara. Harajin da ake cire wa ma'aikaci duk wata, mai suna `PAYE` a takardar albashi, shi ma haka yake, ana tara shi ne a gwada da harajin shekara.

Mu ɗauki ƙaramin ɗan kwangila, mutum shi kaɗai ba kamfani ba, wanda ƙaramar hukuma ta ba aikin gina shaguna a kasuwa a kan Naira 5,000,000. Mu ƙaddara wannan ne kaɗai aikin da ya samu a shekarar, mu kuma ajiye sauran caje-cajen da ke kan takardar biya a gefe. A ƙa'idojin riƙe haraji da aka fitar a 2024, aikin gine-gine irin wannan kashi 2 cikin 100 ake riƙewa. Don haka sashen kuɗi zai riƙe Naira 100,000 ya tura wa Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jiha da sunansa.

A wajen aikin ya kashe Naira 3,600,000 a siminti, bulo, rodi, kwano, ladan magina da leburori, da kuɗin mota. Waɗannan su ne cirewarsa. Ribarsa Naira 1,400,000 ce. A fitar da Naira 800,000, saura Naira 600,000, harajinsa Naira 90,000 ke nan. Da yake an riga an riƙe masa Naira 100,000, ba a bin sa komai. Shi ne ma yake bin gwamnati Naira 10,000, waɗanda zai iya neman a ajiye masa su don harajin gaba ko a mayar masa ta hanyar da doka ta tsara. Wannan wata siffa ce da cirewa da sassauci ba su da ita: iyakacinsu su kai haraji sifiri, amma harajin da aka riƙe fiye da kima haƙƙin mai shi ne.

Yanzu mu duba inda matsala take faruwa. Idan ya yi sakaci da rasit, hukuma ta amince da Naira 3,000,000 kawai daga cikin abin da ya kashe, ribarsa a takarda za ta koma Naira 2,000,000, harajinsa ya zama Naira 180,000. Wato rasit na Naira 600,000 da suka ɓace sun jawo masa asarar Naira 90,000.

Idan kuwa rasit ɗinsa sun cika, amma ba shi da shaidar harajin da aka riƙe, ko kuma an riƙe ba a tura wa hukuma da sunansa ba, to sai ya sake biyan Naira 90,000 daga aljihunsa, rarar Naira 10,000 ma ta bi ruwa. Asararsa Naira 100,000 ce cif. Takarda guda ta Naira 100,000 ta fi tarin rasit na Naira 600,000 nauyi. Duk da haka, a zahiri ita ce takardar da ƙananan 'yan kwangila suka fi mantawa da nema, domin da zarar kuɗi ya shiga asusu sai a ɗauka cewa abin da aka riƙe ya tafi ke nan.

Kurakurai biyu da ke faruwa a ofis

Ga jami'an sashen kuɗi da na albashi, sa lamba a gurbin da ba nata ba yana cutar da ɗaya daga ɓangarori biyu, ko ɗan ƙasa ko baitulmali.

Kuskure na farko shi ne a ɗauki kiredit a matsayin cirewa. Idan akawu ya zare Naira 100,000 ɗin ɗan kwangilar nan daga ribarsa maimakon daga harajinsa, ribar za ta koma Naira 1,300,000, a ce ya biya Naira 75,000. Mutumin da yake bin Naira 10,000 ya koma ana bin sa Naira 75,000, an zalunce shi Naira 85,000.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauki sassauci a matsayin kiredit. Idan aka zare Naira 40,000 ɗin haya daga harajin ma'aikacin nan na Naira 128,400, za a sami Naira 88,400 maimakon Naira 122,400. Giɓin Naira 34,000 ke nan a kan mutum ɗaya. A ƙaramar hukuma mai irin waɗannan ma'aikata ɗari, giɓin ya kai Naira miliyan 3.4 a shekara, kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ofishin da ya yi lissafin za a fara tuhuma.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko an yi kuskure. A yi lissafin sau biyu, da abin da kuma ba tare da shi ba. Idan cirewa ce ko sassauci, bambancin ba zai taɓa wuce kashi 25 cikin 100 na lambar ba, domin shi ne kaso mafi girma a doka, kuma ga yawancin mutanenmu kashi 15 ne. Idan kiredit ne, bambancin dole ya zama lambar gaba ɗayanta. Duk lissafin da ya saɓa wa wannan, a sake duba shi.

Abin da ba ya shiga lissafi

Ba duk kuɗin da mutum ya kashe ne ake cirewa ba. Sharaɗin doka shi ne an kashe su kacokan don samar da kuɗin shigar. Cefanen gida, da hidimar biki ko suna, da kuɗin makarantar yara ba sa ciki. Tarar da aka ci mutum saboda karya doka ba ta ciki. Kayan aiki masu daɗewa, irin su babur mai ƙafa uku ko injin niƙa, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saye su, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Kuɗin rumfa ko na tikitin kasuwa da ɗan kasuwa yake biya wa ƙaramar hukuma kuwa ɗawainiyar kasuwanci ce, gurbinta cirewa, ba kiredit ba. Wanda ya biya Naira 10,000 na rumfa kada ya zaci an rage Naira 10,000 daga harajinsa na shekara.

Manomi ko mai kiwo ko mai sana'ar hannu da ribarsa ta shekara, bayan fitar da kuɗin iri, taki, ƙwadago da makamantansu, ba ta haura Naira 800,000 ba, lissafin harajin kuɗin shigarsa sifiri ne. Amma riba ake dubawa ba cinikin da aka yi ba, kuma ba a iya nuna riba sai da rubutu. Littafi ɗan ƙarami da ake rubuta saye da sayarwa a ciki, da boko ko da ajami, ya fi dogon bayani da baki.

Takardun da za a adana

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da shaidarsa. Shaidar cirewa ita ce rasit na saye, da takardar albashi mai nuna fansho da sauran gudummawa. Shaidar sassaucin haya ita ce rasit daga mai gida ko yarjejeniyar haya, kuma ba ya zuwa da kansa kamar tsohon dunƙulallen sassauci, sai mutum ya nema a rubuce ya bayyana ainihin abin da ya biya. Ma'aikacin da bai kai takardarsa ba za a ci gaba da cire masa Naira 10,700 maimakon Naira 10,200. Shaidar kiredit kuma ita ce rasit ko takardar riƙe haraji mai ɗauke da sunan mutum da lambarsa ta haraji. Wanda ba shi da wannan lamba, ƙa'idojin 2024 sun tanadi a ninka abin da ake riƙe masa a harkokin kasuwanci irin na kwangila.

Ma'aikatu suna miƙa bayanan harajin ma'aikatansu na shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Janairu, ɗaiɗaikun mutane kuma suna da wa'adi zuwa ranar 31 ga Maris. Saboda haka muna kira ga ma'ajin ƙananan hukumomi da su tabbatar duk harajin da aka riƙe an tura shi a kan lokaci da sunan mai shi, an kuma ba shi takardarsa ba sai ya yi ta safa da marwa ba. Muna kuma roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da kansiloli su isar wa jama'arsu cewa sassaucin haya ba kuɗi ne da za a raba ba, kuma duk wanda ya zo yana karɓar wani abu da sunan zai karɓo musu shi, a kai rahotonsa ga ofishin tattara kuɗaɗen shiga mafi kusa. Allah ya sa mu dace.